Me ya sa Legas ba ta da magajin gari?

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Kullum ina jin ana ambaton magajin garin Landan a rediyo. Mu a Legas me ya sa ba mu da shi, kuma wa ke zaɓen irinsu?

Amsa: Alhaji, Legas ta taɓa yin magajin gari a 1950, Dokta Ibiyinka Olorunnimbe, amma kujerar ba ta daɗe ba. A yau tsarin mulkin 1999 matakai uku ya sani: tarayya, jiha, ƙaramar hukuma. Birni ba ya ciki. Shi ya sa aikin da magajin gari zai yi ya rabu tsakanin gwamna da ciyamomi.

Gwamna ku kuke zaɓensa kai tsaye, INEC ke shirya zaɓen, kuma yawan ƙuri'a kaɗai ba ya isa. Sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi. Legas 20 gare ta a tsarin mulki, to sai ya kawo 14. Wanda ya cinye Alimosho kaf amma ya gaza a sauran wurare, sai an je zagaye na biyu. Ciyaman da kansila kuwa hukumar zaɓe ta jiha, LASIEC, ke gudanar da nasu, har da yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙiro a 2003. A ganina raunin tsarinmu nan yake, domin gwamna ke naɗa shugabannin hukumar.

Landan ma tun 2000 jama'a ke zaɓen magajin gari da hannunsu, su kuma zaɓi majalisa mai mutum 25 daban don ta sa masa ido.

Johannesburg ta Afirka ta Kudu ce ta sha bamban. Can kansiloli kawai ake zaɓe, kusan rabi daga mazaɓu, saura gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, sannan su fitar da magajin gari daga cikinsu. Kujeru 270 ne. A zaɓen 2021 jam'iyyar ANC ta samu 91, jam'iyyar DA 71, babu wadda ta kai 136 da ke ba da rinjaye. Ƙananan jam'iyyu suka mara wa DA baya, Mpho Phalatse ta hau duk da jam'iyyarta ce ta biyu. Da ƙawancen ya watse, kansilolin suka sauke ta da ƙuri'ar rashin amincewa a Janairun 2023, ba tare da an koma wurin jama'a ba.

Gwamnan Legas ba a sauke shi haka. Sai an tuhume shi da babban laifi, kwamitin mutum bakwai da babban alƙalin jiha ya naɗa ya tabbatar, sannan kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa 40 da ke Alausa su amince.