Hukuncin rage alamun shekaru a takardar neman aiki

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mazaunin Maradi ne, shekaruna 54. Tun 1993 nake aikin lissafin kuɗi da tsaron magaza. Wurin aikina ya rufe, na kai dosiye wurare biyar, babu wanda ya kira ni. Ƙanena ya ce shekaruna ne ke korar su, in cire ranar haihuwa da hoto da shekarar diflom daga takardar tarihin aikina, wadda muke ce wa sebe. Wannan ba algus ba ne?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malam, Allah ya buɗa maka ƙofar halal. Abin da ƙanenka ya faɗa ya halatta, da sharuɗɗan da zan kawo.

A Suratul Ƙasas, aya ta 26, an faɗi abin da ake nema ga ma'aikaci: ƙarfi da amana. Ƙarfi a aikinka shi ne iya riƙe lissafi ba tare da ko dala ta ɓace ba. Malamanmu Malikawa sun wajabta bayyana aibi a ciniki, aibi kuwa shi ne abin da ke tauye amfanin da aka biya kuɗi dominsa. Shekara 54 ba ta tauye lissafi. Saboda haka shiru a kanta, matuƙar ba a tambaye ka ba, ba ɓoye aibi ba ne. Sebe takarda ce da kake zaɓen abin da za ka gabatar, ba shaida ce a gaban alƙali ba.

Dubi furfura. Ranar buɗe Makka, Annabi (SAW) ya yi umarni a canja farin gashin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, ya ce a nisanci baƙi. Rage alamar tsufa ke nan an yarda da shi. Abin da malamai suka tsananta a kai shi ne a rine gashi baƙi ƙirin don a yaudari wani, kamar wadda ake neman aurenta.

Haka takardarka take. Ka cire ranar haihuwa. Ka rubuta sunan diflom da makarantar da ta ba ka, ba sai da shekara ba. Ayyukanka na shekara 15 na baya-bayan nan ka zayyana su da kwanakinsu na gaskiya, ka ambaci abin da kake aiki da shi yau, kamar Excel, in har ka iya shi. Na gabanin haka, daga 1993, ka dunƙule su a layi biyu ƙarƙashin kan magana “sauran ayyukan da na yi a baya”, da sunan wuri da muƙami. Kada ka shafe su ɗungurungum ka bar takardar tana nuna kamar a 2010 ka fara aiki, domin mai karantawa zai ƙirga maka shekarun da ba naka ba, kai kuma da gangan ka gina masa wannan zato. “Fiye da shekara 15 a aikin lissafi” gaskiya ce. “Shekara 15” cak, alhali sun haura 30, ƙarya ce.

Hoto kuwa, ko ka cire shi ko ka sa na bana. Hoton da aka ɗauka kana ɗan 35 ɗan'uwan baƙin rini ne.

Halaccin yana ƙarewa inda aka tambaya. In sanarwar aikin ta nemi ranar haihuwa, ko ta yanke iyakar shekaru kamar yadda ake yi a gasar shiga aikin gwamnati, shekaru sun zama sharaɗi, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Ko kana ganin iyakar rashin adalci ce, kuma sau da yawa ni ma haka nake gani, ba ta halatta maka ƙarya ba. Haka in ka zauna gabansu suka ce shekarunka nawa, ka ce 54 kai tsaye.

Abin da na fi jiye maka tsoro shi ne wani ya ba ka shawarar zuwa kotu da shaidu biyu a yanko maka sabuwar takardar haihuwa da ragaggun shekaru. Wannan shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai, kuma ka jefa mutum biyu a ciki tare da kai. Ga shi lambarka ta CNSS, hukumar fanshon ma'aikata, na ɗauke da shekarun aikinka, ranar lissafin fansho takardun za su ƙaryata juna.

Ka sani kuma, a Nijar an saba ganin ranar haihuwa a sebe, kuma dosiye yakan haɗa da takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa. In an nema, ka ba da su yadda suke. Wannan gyara ya fi amfani inda sebe da wasiƙa kaɗai aka nema a zagayen farko, don a karanta aikinka kafin a ga shekararka.

Allah ne mafi sani.