Ragowar bashi ta ƙare da sifili, amma kuɗin ruwa ya fi uwar kuɗi: ina kuskuren?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karɓi lamunin gida na naira miliyan 10, ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, zan biya cikin shekara 20. Wani abokin aikina ya tsara mini jadawalin biya a Excel, sai na ga jimillar kuɗin ruwa miliyan 12. Hankalina ya tashi. Ya ce tunda ragowar bashi ta sauka sifili a wata na 240, lissafin ba shi da matsala. Haka ne? Ta ina zan fara bincike?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, alamu sun nuna jadawalin ne ya ɓaci. Idan yarjejeniyarku irin wadda aka saba ce, wato biya iri ɗaya kowane wata kuma ana lissafa ruwa a kan abin da ya rage, to biyanka na wata ₦71,643.11 ne, jimillar ruwa kuma kimanin ₦7,194,345. Tsakanin wannan da abin da ka gani akwai sama da miliyan huɗu da dubu ɗari takwas.

Ita wannan miliyan 12 ta tona asirin kanta. Kashi 6 raba 12 ya ba da rabin kashi ɗaya a wata. Rabin kashi ɗaya na miliyan 10 shi ne ₦50,000, kuma ₦50,000 sau 240 miliyan 12 cif. Ke nan fomular ruwa tana manne da asalin bashin tun watan farko har na ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko sisi ba.

Maganar abokinka kuwa, ita ce nake fama da ita kusan kullum, har daga bakin masu kiran kansu ƙwararru. Sifili a layin ƙarshe ba shaida ba ne. Abu ɗaya yake nunawa: uwar kuɗin da aka cire a layuka 240 ta haɗu ta ba da miliyan 10. Idan mutum ya raba miliyan 10 gida 240 ya riƙa cire ₦41,666.67 kowane wata, dole ragowa ta sauka sifili, ko da ya rubuta lambar wayarsa a ginshiƙin ruwa. Haka ma idan ya ciro uwar kuɗi da PPMT, fomular Excel mai lissafa uwar kuɗin kowane wata, domin PPMT ba ta waiwayar ginshiƙin ruwa, nata lissafin take yi. Sai kuma masu wayo, da in sun ga layin ƙarshe ya ƙi daidaita sai su share fomula su buga 0 da hannu, ko su sa MIN ko IF ta haɗiye bambancin. MIN ba laifi ba ce, ana sa ta don share 'yan kwabban da suka rage, amma ita ba ta san bambancin kwabo talatin da naira dubu ɗari uku ba. Sifilin nan yana da daraja ne kawai idan uwar kuɗi ta fito daga biya ban da ruwa, domin a lokacin ne kuskuren ruwa zai zubo cikin ragowa ya bayyana a ƙasa.

To ga yadda ya kamata ginin ya kasance. A ce bashi yana B1, ruwan shekara B2, yawan watanni B3, biyan wata B4. Jadawali ya fara a layi na 7: A wata, B ragowar farkon wata, C biya, D ruwa, E uwar kuɗi, F ragowar ƙarshen wata.

```
B4: =-PMT(B2/12,B3,B1)
A7: 1
B7: =$B$1
C7: =$B$4
D7: =B7*$B$2/12
E7: =C7-D7
F7: =B7-E7
A8: =A7+1
B8: =F7
```

Danna Ctrl da ` tare, ko ka shiga Formulas ka zaɓi Show Formulas, fomuloli za su fito a madadin lambobi. Dubi D7 da D8. Ina kyautata zaton za ka tarar da `$B$1` inda ya kamata a ga B7 da B8. Alamar dala tana kulle akwati don kada ya motsa in an ja fomula ƙasa. Akwatin adadin ruwa ne ke buƙatar kulle, ragowar bashi kuwa dole ta riƙa sauka layi bayan layi. Akasin haka ma yana faruwa, a bar B2 ba kulle, sai layi na biyu ya ɗauki B3, wato 240, a matsayin ruwa. Wannan ba ya ɓuya, lambobi za su haukace nan take.

A jadawali mai lafiya, ruwan watan farko ₦50,000 ne, uwar kuɗi ₦21,643.11, ragowa ₦9,978,356.89. Ruwan wata na biyu ₦49,891.78. In ka ga ₦50,000 ya sake fitowa a layi na biyu, ka kama ɓarawon.

Amma kada ka tsaya nan, don kuskure mafi wuyar gani yakan kwanta ne a tsakiya, inda wani ya buga lamba a kan fomula. Zaɓi ginshiƙan D zuwa F daga layi na 7 har ƙasa, danna F5, sai Special, sai Constants. Duk akwatin da ya haskaka lamba ce da aka buga da hannu. Abin da kake so shi ne Excel ya ce maka bai sami komai ba.

Daga nan sai ka kawo shaidan da ba ya cikin jadawalin. Buɗe sabon ginshiƙi G, ka ja wannan har layin ƙarshe, sannan ka gwada sauran biyun a gefe:

```
G7: =ROUND(D7+IPMT($B$2/12,A7,$B$3,$B$1),2)
=FV($B$2/12,120,$B$4,-$B$1)
=-CUMIPMT($B$2/12,$B$3,$B$1,1,240,0)
```

IPMT, mai lissafa ruwan kowane wata da kanta, tana ba da amsa da alamar ragi, shi ya sa aka tara maimakon a cire. Kowane layi na G ya kamata ya zama sifili ko 'yan kwabbai, kuma layin farko da ya kauce shi ne inda ɓarna ta fara, sauran gado suka ci. CUMIPMT za ta ba ka jimillar ruwa, kimanin ₦7,194,345. FV kuma za ta ba ka ragowar bashi bayan wata 120, kimanin ₦6,453,142. Mutane kan yi mamaki, an ci rabin lokaci amma ba a ci rabin bashi ba. Haka abin yake, don shekarun farko ruwa ke cinye yawancin biyan. In jadawalinka ya nuna miliyan 5 daidai a wata na 120, to raba uwar kuɗi aka yi gida 240. Ni dai in an miƙo mini jadawali, tsakiyar nake fara dubawa kafin ƙarshe.

Kafin ka tuhumi kowa, ɗauko takardar tayin lamuni ka karanta yadda aka ce za a lissafa ruwa. Akwai tsarin da ake biyan uwar kuɗi daidai wa daida kowane wata, ruwa kuma a kan ragowa. A nan jimillar ruwa ₦6,025,000 ce, IPMT ba za ta dace da shi ba, kuma ba kuskure ba ne. Idan ta hanyar murabaha aka saya maka gidan, riba an yanke ta tun ranar ciniki, takardar cinikin ce ma'auni. Wasu bankuna kuma da kwanaki suke lissafi, su raba da 365, don haka ruwan Fabrairu zai ɗan gaza na Maris, bambancin 'yan dubbai a wata da ke komawa kusan daidai a ƙarshen shekara.

In kuwa takardar da kanta ta ce ana ɗora ruwa a kan asalin bashin har ƙarshe, to fomular abokinka daidai take, kuma za ka riƙa biyan ₦91,666.67 a wata maimakon ₦71,643.11. Duba abin da ake cirewa daga albashinka, ka nemi banki ya ba ka nasa jadawalin a rubuce, ka gwada wata na 2 da na 120 da lambobin da ke sama.