Kwastomata kullum sai ta yi latti, ya zan faɗa mata ba tare da mun ɓata ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai koyar da tuƙin mota ne, awa ɗaya nake ba kowane mutum. Akwai wata Hajiya da take zuwa Talata da Alhamis ƙarfe 10, ta girme ni sosai kuma tana biya ba matsala, amma kusan kullum sai ta makara minti 20 ko 25, kuma sai ta yi awarta cif. Na ƙarfe 11:15 har ya fara ƙorafi. Dan Allah ya zan rubuta mata saƙo ta gane da gaske nake amma ba raini?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zo kan rubutun, ka sani a idon Hajiya fa babu wata matsala, sabida duk ranar da ta zo 10:25 kana ba ta awa ɗaya cikakkiya, kenan dokar da ta koya a wajenka ita ce lesin ɗinta yana farawa ne lokacin da ta iso. Ba lallai ganganci take yi ba, abin da ta gani a aikace take bi. Shi yasa in ka tura mata "dan Allah Hajiya a riƙa zuwa da wuri" zata ce toh in sha Allah, ta zo da wuri sau ɗaya ko biyu, sannan a koma gidan jiya. Roƙo ne wannan, ba doka ba.

Mu yi lissafin ranar tukunna. Ta zo 10:25, kun gama 11:25, kafin ta yi fakin ta sauka ku yi sallama ka ɗan faɗa mata inda ta yi kuskure 11:30 ta yi, shi kuma na 11:15 yana tsaye tun 11:10, kaga ya yi jiran minti 20 akan laifin da ba nasa ba, kuma minti 15 ɗin da ka ware tsakanin mutum da mutum don ka sha ruwa ka duba mota sun tafi. Daga nan ko dai ka yanke masa nasa lokacin ko ka tura lattin kan na bayansa. Wanda ya cika alkawari shi ke biyan bashin wadda ta makara, kuma irin waɗannan ba sa faɗa da kai, wata rana kawai zaka ga sun daina zuwa.

Toh dokar da nake ba masu aiki da alkawarin lokaci shawara akai guda ɗaya ce mai sauƙi: lokacin tashi baya motsi. In an ce 10 zuwa 11, to 11 ake tashi ko ƙarfe nawa mutum ya zo, kuma kuɗin awa ɗaya ne. Na fi son wannan akan cin tarar latti nesa ba kusa ba, don tara tana jawo musu akan kuɗi kuma babban mutum yana jinta kamar horo, amma wannan ba ka karɓi komai a hannunta ba, ita ce ta rage wa kanta lokaci.

Sai ka ƙara iyaka ɗaya, wato lattin da in ya kai nan ba za a fita ba gaba ɗaya. Wannan adadin ba kwafarsa ake a wajen wani ba, daga aikinka zaka ciro shi. A koyon tuƙi kafin ta gyara kujera da madubi ta ɗaura bel ku fita zuwa wajen da kuke gwaji wasu mintoci sun tafi, dawowa ma haka, in ka ce minti 10 fita minti 10 dawowa, wadda ta zo 10:25 saura mata minti 35, cire 20, minti 15 kawai zata yi tana koyon wani abu, kuma cikin gaggawa, ga mai koyo da sitiyari a hannu gaggawa ba abin so bane. Don haka a naka aikin minti 20 iyaka ce mai ma'ana. Kai ka fi ni sanin nisan wajen, in ya fi haka kusa ka kai 25, amma dai ka tsayar da lamba ɗaya. "In an makara sosai" ba iyaka bace, kowa da abin da yake kira sosai.

Ga saƙon, ka gyara shi ya dace da bakinka:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma, da fatan an wuni lafiya. Ina so in yi miki bayani akan lokacin lesin ɗinmu. Cikin zuwa huɗu na baya-bayan nan, sau uku mun fara bayan 10:20 maimakon 10, kuma da yake ina da wani mai koyo 11:15, in muka wuce 11 shi ke zaman jira. Don haka daga Talata mai zuwa ga tsarin da zan riƙa bi da kowa: lesin zai ƙare 11 daidai ko da an fara a makare, kuma awa ɗaya za a lissafa. In latti ya wuce minti 20 ba za mu fita ba ranar, kuma za a ƙirga shi cikin waɗanda aka yi. In kika sanar da ni tun ana gobe cewa ba zaki samu zuwa ba, sai mu ɗage ba asarar komai. Nima in na makara daga ɓangarena zan cika miki lokacinki. In ƙarfe 10 tana miki wahala ina da gurbi ƙarfe 4 na yamma a ranakun nan, ki zaɓi wanda ya fi miki. Na gode Hajiya."

Ka lura na ce sau uku cikin huɗu, ban ce "kullum" ba. Duk ranar da ka rubuta kullum to ka ba ta ƙofa, zata tuna maka Alhamis ɗin da ta riga ka zuwa, shikenan magana ta koma kan wa ke da gaskiya. Ka koma hirarku ta waya ka duba, yawanci saƙonninta na "gani nan a hanya" suna nan da lokacinsu a jiki, ka ɗauki abin da ka tabbatar kawai. Kuma kar ka faɗi dalilin da kake zaton yana sa ta latti, ko ka ce bata ɗauki lokacinka da daraja ba, ko da haka kake ji a ranka. Wannan jimlar ita ce ke zama raini ga wadda ta girme ka, ba dokar ba.

Ban haƙuri kuma, wallahi nan mutane ke lalata saƙonsu. Ki yi haƙuri a farko, ki yi haƙuri a tsakiya, dan girman Allah kar ki ji haushi a ƙarshe, mai karantawa sai ya ga ai kai ma baka yarda da abin da kake faɗa ba, in an ɗan matsa zaka janye. Ladabin yana cikin gaisuwa da kiranta Hajiya da godiya da kuma zaɓin da ka ba ta, ya wadatar.

"Da kowa" ɗin nan da na sa, sai in gaskiya ne. Ka tura wa sauran masu koyo tsarin a rana ɗaya, nasu ba sai ka sa maganar sau uku ba. In ba haka ba ranar da ta haɗu da wani a bakin mota ta ji shi an ƙara masa minti 15 ka shiga uku.

Akwai inda dole ka yi hattara: in ta riga ta biya kuɗin lesin goma misali tun farko kuma ba ka taɓa faɗa mata wannan sharaɗin ba, baka da hurumin ƙirga mata na baya, dokar daga ranar da ka sa take farawa, shi yasa aka ce Talata mai zuwa ba gobe da safe ba. In kuma ta ce ita bata amince ba, ka mayar mata da kuɗin waɗanda suka rage ku rabu lafiya. Ka tura shi a rubuce, ba saƙon murya ba, don a iya komawa a duba, kuma da yamma bayan ka huce, ba kana zaune cikin mota kana jiranta ba. Da yake babba ce ba laifi ka fara faɗa mata da baki a taƙaice bayan lesin, ka ce zan turo miki a rubuce, ya fi ta buɗe waya ta ci karo da shi.

Amsarta ba zata wuce kala biyu uku ba. In ta kawo uzuri, cinkoso ne ko kai yara makaranta, kar ka yi musu da uzurin, ka karɓa ka maida ita kan zaɓin: "Na fahimta Hajiya, shi yasa nake ganin na ƙarfe 4 zai fi miki sauƙi, in sa miki shi?" In ta yi shiru kar ka bi ta da wani dogon bayani, ana gobe kawai ka tura "Hajiya ina tuna miki gobe 10 zuwa 11 ne", da lokacin tashin a ciki.

Ranar farko da ta sake makara ita ce ainihin jarabawar, taka ba tata ba. A ce ta iso 10:15. Ka gaishe ta da fara'a, kar ka yi wa'azi, tana ɗaura bel ka ce "Hajiya yau minti 45 gare mu, bari mu tsaya kan ribas kawai", 10:50 ka ce a juya, 11 kuna wajen fakin. Zata iya cewa haba Malam ɗan ƙara min zagaye ɗaya mana, ka ce akwai mai jira, ko da ranar na 11:15 ɗin bai zo ba kar ka ƙara, kuma kar ka yi mata ƙarya, ka ce lokacinmu ya cika sai Alhamis. In kuma 10:20 ta wuce bata iso ba ka tura mata nan take kafin ta yi zuwan banza: "Hajiya 10:20 ta wuce, na yau ya tafi kamar yadda muka yi, sai Alhamis ƙarfe 10 in Allah ya kai mu."

Uzuri na gaske kamar rashin lafiya ko rasuwa ka ɗaga mata, amma ka furta cewa na yau ne kawai sabida abin da ya faru. In bayan sati biyu ko uku har yanzu tana rasa lesin, ka maida ita gurbin ƙarshe na ranar inda babu kowa a bayanta, can ma lokacin tashi na nan yadda yake, in shi ma ya gagara sai ka ba ta ragowar kuɗinta ka sa wani a gurbin.