Amsa saƙon aboki bayan kwanaki

Tambaya: «Abokina ya turo mini saƙo a WhatsApp cewa matarsa ta haihu, na karanta amma na manta ban amsa ba, yau kwana shida. Yaya zan yi?»

Ɗan'uwa, kada ka ce ba ka ga saƙon ba, domin idan alamar karantawa tana kunne, layuka biyu masu launin shuɗi sun riga sun nuna masa ka buɗe shi. Tun da suna ranar bakwai ake yi, ka kira shi yau, kiran murya ya fi rubutu a nan. Ka fara da barka da addu'ar Allah ya raya, ka tambayi lafiyar mai jego, sannan ka ce mantuwa ce, ya yi haƙuri. Kada ka tsawaita uzuri, gobe kuma ka halarci sunan da sassafe.