Wasiƙar gayyatar baƙon kasuwanci: me ake rubutawa a ciki?

Tambaya: Malam, ina harkar man kaɗe a Aboabo, nan Kumasi. Wani mai saye daga Turkiyya zai zo ganin kaya, ya ce in turo masa imel na gayyata don neman biza. Me zan rubuta masa?

Amsa: Alhaji, imel ɗin ɗan aike ne kawai, wasiƙar da ke maƙale da shi ita ce aikin. Ka rubuta ta da Turanci a takarda mai tambarin kamfaninka, ka sa hannu, ka buga hatimi, sannan ka tura ta a PDF. Ofishin jakadancin Ghana da ke Ankara za ka rubuta wa, ba shi baƙon ba. Sunansa da lambar fasfonsa kuma, daga hoton fasfon za ka kwafo su harafi-harafi, kada ka ɗauko daga hirarku ta waya.

A dalilin zuwa, "harkar kasuwanci" ba ta faɗi komai ba. Ka ce zai duba man kaɗe a ma'ajiyarku ta Kumasi, ya ga masu sarrafa shi a Tamale, ku tattauna farashi, ku sa hannu a yarjejeniya. Ka guji cewa zai yi muku aiki, don aiki yana buƙatar izini daban daga hukumar shige da fice.

Sai kwanaki. Misali, zai sauka Accra 10 ga Maris, ya tashi 19 ga Maris. Dole tikitinsa da ɗakin da aka kama masa a otal su faɗi waɗannan ranakun. In wasiƙa ta ce kwana 10, tikiti ya ce wata biyu, jami'in biza zai ɗora ayar tambaya a kan takardun gaba ɗaya.

Inda na fi jin tsoro ga mutanenmu shi ne batun kuɗi. Kara da karamci kan sa mutum ya rubuta cewa ya ɗauki nauyin komai, alhali abin da ke ransa masauki ne da abinci. To wannan layin alkawari ne da sa hannunka a ƙasa, in baƙon ya kwanta asibiti ko ya wuce wa'adinsa, kai za a nema. Ka raba abin dalla-dalla: tikitin jirgi da inshorar lafiya a kan kamfaninsa, otal da abinci da motar zuwa Tamale a kan naka. In shi zai biya duka, ka faɗa a fili, babu abin kunya a ciki, sai ya haɗa da bayanan asusun bankinsa.

Ka maƙala takardar rajistar kamfaninka da hoton Ghana Card ɗinka, ka ba da lambar wayar da za ka ɗaga in an kira. A jikin imel ɗin kuma ka tuna masa ya riƙo katin rigakafin zazzaɓin shawara, don ana tambayarsa a filin jirgi.