Motar injin casa na juyi 1440 maimakon 1500

Tambaya: Malam, na sayi motar lantarki mai layi uku don injin casar shinkafa. An ce mini tana juyi 1500 a minti, na duba farantin jikinta na ga 1440 rpm. An cuce ni ne? Daga wani manomi a Kura.

Amsa: Ba a cuce ka ba, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka.

A jikin bangon motar, ta ciki, akwai naɗin waya kashi uku, kowanne da layinsa. Wutar layukan nan ba ta cika ƙarfi lokaci guda, bi da bi take yi: wannan na sauka, na gaba na hawa. Shi ya sa ƙarfin maganaɗisu ke zagaya bangon, alhali ba ƙarfen da ya motsa. Saurin zagayen kuwa lissafinsa `Ns = 120f/P`, inda f ke nufin sau nawa wutar ke kai-komo a daƙiƙa, wato Hz, P kuma yawan kan maganaɗisun motar. Wutar ƙasar nan 50 Hz ce, motarka mai kan maganaɗisu 4 ce, sai ka ninka 120 da 50 ka raba 4, ka samu 1500. Gudun maganaɗisu ke nan aka faɗa maka.

Dunƙulen da ke juyawa a tsakiya ba wayar da ta shiga cikinsa. Sandunan alminiyom ne aka haɗe bakinsu kamar keji. Maganaɗisun na gifta su sai wuta ta taso a cikinsu, su ma su zama maganaɗisu, su bi shi. Da za su kamo shi, giftawa ta ƙare, wuta ta ɗauke, jan ma ya ƙare. Ka dubi igiyar guga: sai nauyin ruwa ya riƙe ta take miƙewa. Ratar nan da ke tsakanin gudun maganaɗisun da na dunƙulen ita masu gyara ke kira silif. Taka juyi 60 ce cikin 1500, wato kashi 4 cikin 100, daidai wa daida in tana ɗauke da cikakken kaya.

Abin tsoro shi ne ratar ta ƙaru. In yaranka suka danƙara shanshera a baki, ko boris ya ci, ko wuta ta yi ƙasa, dunƙulen zai ƙara ja baya, ya zuƙi wuta fiye da ƙima. Za ka ji muryar motar ta yi nauyi, jikinta ya yi zafin da ba ka saba ji ba. Sa mai gyara ya auna amfiya a kowane layi da mitar maƙalawa, ya gwada da abin da ke farantin. In gurnani take ta ƙi tashi, kashe nan take, galibi layi ɗaya ne ya faɗi, kuma naɗin ƙonewa zai yi.

In janareto kake ba ta, fara duba shi. Ya sauka zuwa 47 Hz, maganaɗisun kansa 1410 zai yi, ka yi ta zargin motar a banza.