Kawo aya a jawabin walimar aure

Tambaya: Assalamu alaikum. Za a ɗaura auren ƙanwata a Aboabo, an ce ni zan yi jawabi a madadin dangi wajen walima. Ina son in kawo ayar nan ta soyayya da rahama, amma ban yi nisa a karatu ba. Yaya zan faɗe ta da lambarta da fassararta ba tare da kuskure ba?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri. Na daɗe ina tsayawa gaban jama'a a bukukuwan zangonninmu na Kumasi, kuma abin da nake gaya wa kowa shi ne: kada ka ɗauko aya daga ka, ko daga saƙon waya. Buɗe Mus'hafi ka kwafo ta da hannunka.

Ayar tana Suratur Rum, sura ta 30, aya ta 21: "Wa min ayatihi an khalaƙa lakum min anfusikum azwajan litaskunu ilaiha wa ja'ala bainakum mawaddatan wa rahmah, inna fi zalika la'ayatin liƙaumin yatafakkarun."

A nan ake zamewa. Ayoyi shida ne a jere, daga ta 20 zuwa ta 25, duk da "wa min ayatihi" suka fara. Ta 20 cewa take "an khalaƙakum min turabin", wato halittarmu daga turɓaya, taka kuwa "an khalaƙa lakum". Tazarar kaɗan ce, in faɗuwar gaba ta zo sai harshe ya kama ta sama. Ƙarshensu ma yana rikitarwa: taka da "yatafakkarun" ta ƙare, ta 23 da "yasma'un", ta 24 da "ya'ƙilun". Na sha jin mai jawabi ya ɗauki kan wannan ya rufe da wutsiyar waccan, malamai suna gyara masa daga inda suke zaune.

Rubutun boko da na yi maka tunatarwa ce kawai, ba da shi za ka koya ba. Mu mutanen zango harshenmu yakan mayar da "ƙa" ta koma "ka", "kha" ta koma "ha". In ka yi haka, "khalaƙa", Ya halitta, ta zama "halaka", ma'ana ta juye gaba ɗaya. Don haka je ka wurin malamin masallacinku tun kwanaki kafin biki, ya biya maka, ka maimaita a gabansa har ya ce ta zauna.

Batun lamba kuma, kada ka ruɗe in wani dattijo ya duba nasa Alƙur'ani ya ce ta 20 ce. Bugun Hafsu da ke cikin wayoyinmu yana ƙirga "Alif Lam Mim" aya guda, yawancin bugun Warshu da iyayenmu suka yi karatun allo da shi ba ya ƙirgawa. Ayar ɗaya ce, ƙirga ne ya bambanta. Faɗi sunan sura tukuna, sannan ka ce "aya ta 21 a ƙirgan Hafsu". Dattawanmu da sunan sura da farkon aya suke ganewa, "talatin, ashirin da ɗaya" kaɗai ba ta gaya musu komai.

Ga yadda za ka jera: ka ce Allah Maɗaukaki Yana cewa a Suratur Rum, aya kaza, ka yi a'uziyya, ka karanta Larabcin a natse har ƙarshe. Ka ɗan numfasa, sannan ka ce "ma'anar ayar ita ce": daga cikin ayoyinSa akwai cewa Ya halitta muku matan aure daga jinsinku domin ku natsu zuwa gare su, Ya sanya soyayya da rahama a tsakaninku, lalle a cikin wannan akwai ayoyi ga mutane masu tunani. Wannan kusantarwa ce tawa. Gara ka kwafo daga tarjamar Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ka kuma ambaci sunansa. Kada ka fassara daga Turanci nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne a zarce daga fassara zuwa nasiha ba shinge, har mai sauraro ya ɗauka "mace ta yi haƙuri, miji ya ciyar" duk cikin ayar suke. In ka gama ma'anar, ka ce "nan ayar ta tsaya, yanzu maganata ce". In akwai surukai ko maƙwabta Asantawa, za a mayar musu da Tuwi, ba wa mai fassarar takardarka tun da wuri, shi ma ya raba musu biyun.

Addu'ar "Barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair" hadisi ce, tana cikin Abu Dawuda da Tirmizi, kada ka ce "Allah Ya ce" a kanta. Ranar da kuma aka sa ka magana wajen ta'aziyya, "kullu nafsin za'iƙatul maut" ta zo wuri uku: Ali Imrana 185, Anbiya'i 35, Ankabut 57, kowacce da cigabanta daban. Zaɓi ɗaya, ka ba da lambar wadda ka ƙarasa.